Miliyan ɗaya a hannu, ko miliyan ɗaya da dubu 350 cikin shekara uku?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da hatsi ne a Funtuwa, ina da fili da nake so in sayar in ƙara jari. Wani ya taya naira 1,000,000 lakadan. Wani kuma ya ce zai ba ni 1,350,000, amma sau uku, naira 450,000 a ƙarshen kowace shekara. Ƙanena da ke jami'a ya ce in karɓi miliyan ɗayan, wai kuɗin gaba ba su kai na yau daraja ba. Ni kuwa gani nake naira ai naira ce, ga kuma ƙarin 350,000. Don Allah a warware mini shekara-shekara, ban yi zurfi a boko ba."

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka yana da gaskiya a kan ƙa'idar, amma ya yi gaggawar yanke hukunci, domin ƙa'idar ita kaɗai ba ta faɗa maka tayin da za ka karɓa. Sai an zauna da alƙalami. Na daɗe ina yi wa ƙananan 'yan kasuwa lissafin littattafansu, kuma na lura cewa mai hatsi ya fi kowa saurin gane wannan magana, saboda kullum da ita yake aiki ko da bai san tana da suna a makaranta ba. Kai da kanka ka san cewa kuɗin da suka shigo hannunka da kaka, lokacin da masara ke kwance a kasuwa, ba ɗaya suke da waɗanda suka shigo tsakiyar damina ba, ko da adadinsu ɗaya ne. Na kaka suna sayen buhunan da za su jira farashi. Na damina sun iske an riga an tashi kasuwa. Maganar ƙanenka ke nan, sai dai shi ya miƙe ta daga watanni zuwa shekaru.

Kuɗin da ke hannu suna aiki

Mu ajiye filin tukuna, mu fara da ƙaramin adadi. A ce yau an ba ka naira 100,000 ka sa a sana'a, kuma sana'ar tana kawo ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara bayan an fitar da duk ɗawainiya. Baɗi war haka kana da 110,000. Idan ba ka taɓa ribar ba, ka bar ta a cikin jari, shekara ta biyu za ta fara ne da 110,000, don haka ribarta ba 10,000 ba ce, 11,000 ce, jimla 121,000. Shekara ta uku ribar 12,100 ce, ka tashi da 133,100. Ka lura da yadda ribar ke ƙaruwa kowace shekara alhali ba ka ƙara ko kwabo daga aljihunka ba. Ribar bara ce ta zama jari, ita ma ta haihu. Kamar akuya ce: 'yar da ta haifa bana, baɗi ita ma uwa ce.

To yanzu idan wani ya ce maka ka zaɓa tsakanin 100,000 yau da 100,000 bayan shekara uku, ka ga ba zaɓi ba ne tsakanin abu biyu masu kama da juna. Na yau za su iya zama 133,100 kafin waɗancan su iso. Wanda ya riƙe maka kuɗinka shekara uku ya mayar maka da su cif-cif bai ci maka ko sisi daga uwar kuɗi ba, amma ya hana ka 33,100 da za su haifa.

Ana kuma iya juya lissafin ta baya, kuma wannan juyawar ita ce ta fi amfani wajen ciniki. Maimakon a ce nawa kuɗin yau za su zama gaba, sai a ce: kuɗin da aka yi mini alkawari gaba, nawa ne daidai da su a yau? Tunda a tafiyar gaba ana ninka kuɗin da 1.1 kowace shekara, a dawowa sai a raba da 1.1. Naira 100,000 da za a ba ka baɗi, idan ka raba da 1.1 a kalkuletar wayarka, za ka ga 90,909. Ma'anarsa, wanda ya ba ka 90,909 yau da wanda zai ba ka 100,000 baɗi abu ɗaya suka ba ka, domin 90,909 ɗin in sun yi aikin shekara za su cika dubu ɗari. Idan sai bayan shekara biyu za a biya, ka sake rabawa da 1.1, ka samu 82,645. Bayan shekara uku, 75,131.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a nan karon farko. Mutum zai ce ai kashi 10 ne, bari in cire 10,000 daga 100,000, saura 90,000. Gwada ka gani: 90,000 in sun samu ribar kashi 10 sun zama 99,000, ba su cika dubu ɗari ba. A kashi 10 bambancin kaɗan ne, amma a kashi 30 ko a shekaru masu yawa kuskuren yana girma har ya canja maka shawara. Rabawa ake yi, ba ragewa ba.

Kasuwa ba ta jira

Abin da na kawo a sama zai tabbata ko da farashin kaya bai motsa ba. Amma a Nijeriya yana motsawa, kuma shi ne dalili na biyu, wanda ma ya fi ciwo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi a watan Disamba na 2022 ta kai kashi 21.34 idan aka kwatanta da Disambar da ta gabace ta. A Disamba 2023 ta kai 28.92, a Disamba 2024 kuma 34.80. Kar ka tara su, domin kowace shekara a kan tsadar bara take hawa, kamar dai ribar da muka gani ɗazu. Kayan da ake saya naira 100,000 a ƙarshen 2021 sun koma wajen 121,000 a ƙarshen 2022, sannan wajen 156,000 a ƙarshen 2023, sannan wajen 211,000 a ƙarshen 2024.

Wato da a ce ka sayar da fili bashi a Disamba 2021, aka kawo maka miliyan ɗaya a Disamba 2024, takardun kuɗin miliyan ɗaya ne za ka ƙirga ba ƙari ba ragi, amma kayan da za su saya maka ba su kai rabin abin da za su saya ranar da kuka yi cinikin ba. Ƙarfinsu bai wuce na naira 474,000 na wancan lokaci ba. Naira naira ce a wajen ƙirge, Alhaji, amma mudun da take cikawa ne ke ƙanƙancewa.

Ba ko'ina abin yake da wannan zafin ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna ciniki da sefa, wadda aka ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, shi ya sa farashi a can bai cika yin irin gudun namu ba. Amma su ma dattawansu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Duk wanda ke bin wani bashi a ranar ya kwana da kuɗi, ya tashi da rabin ƙarfinsu a kan kayan waje.

Dalili na uku ba ya buƙatar dogon bayani ga ɗan kasuwa. Alkawari ba kuɗi ba ne. Mai saye yana iya karyewa, yana iya yin ƙaura, yana iya rasuwa ka koma zarya wajen magada. Magabata da suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba su san kalkuleta ba, amma wannan suke nufi.

Mu koma kan filinka

Kafin a auna tayin nan biyu dole a tsayar da ma'auni guda, wato kashi nawa kuɗi ke haifa maka a shekara in suna hannunka. Ba ka faɗa mini ba, don haka zan ɗauki kashi 20, daga baya mu duba abin da zai faru in ya fi haka ko bai kai ba. A kashi 20, ana ninkawa ko rabawa da 1.2.

Hanyar da na ga ta fi shiga kan mutane ita ce wannan. Ka ɗauka ka karɓi miliyan ɗayan ka zuba a hatsi, sannan ka mai da kanka mai saye na biyu: a ƙarshen kowace shekara ka ciro 450,000 daga jarin ka sa a aljihu, daidai yadda shi zai riƙa ba ka. Mu ga ko miliyan ɗayan za ta iya ɗaukar nauyin.

Shekarar farko miliyan ɗaya ta zama 1,200,000. Ka cire 450,000, saura 750,000. Shekara ta biyu 750,000 sun kawo ribar 150,000, sun zama 900,000. Ka cire 450,000, saura 450,000. Shekara ta uku 450,000 sun kawo 90,000, sun zama 540,000. Ka cire 450,000 na ƙarshe, saura 90,000.

Ka gani? Miliyan ɗayan ta biya ka duk abin da mai saye na biyu ya yi maka alkawari, a ranakun da ya sa, har ta bar maka rarar 90,000. Ƙarin 350,000 da ya ɗauki hankalinka yana nan a takarda, amma bai kai abin da kuɗinka za su haifa da kansu ba cikin shekarun da zai riƙe su.

Da hanyar rabawa ma nan za a iso. Biyan farko zai zo bayan shekara ɗaya, sai a raba 450,000 da 1.2 sau ɗaya, a samu 375,000. Na biyu a raba sau biyu, 312,500. Na uku sau uku, 260,417. In ka haɗa su za ka samu 947,917. Wannan shi ne ainihin abin da mai saye na biyu ya taya filinka a kuɗin yau. Shi ya ce 1,350,000, amma in aka kwaɓe wa tayin rigar lokaci, ya gaza na mai lakadan da kimanin 52,000. Dubi biyan ƙarshe musamman: 450,000 ne a baki, amma jiran shekara uku ya cinye kusan 190,000 daga cikinsa.

A kashi 20 ke nan ƙanenka ya ci gari. To amma da a ce sana'arka kashi 10 kawai take kawowa fa? Sai biyan uku su zama 409,091 da 371,901 da 338,092, jimla kimanin 1,119,000. A nan mai biya sau uku ya fi mai lakadan da fiye da dubu ɗari. Idan kuwa kashi 30 ne, jimlar za ta faɗo zuwa wajen 817,000, ka ga karɓar bashin ya zama asara babba. Na gwada adadi daban-daban a tsakani, kuma wurin da tayin biyu ke yin kunnen doki yana tsakanin kashi 16 da 17. Saboda haka tambayarka duka ta dawo kan abu ɗaya: shin kuɗi a hannunka suna kawo fiye da kashi 17 a shekara, ko ƙasa da haka?

Yadda za ka san ma'auninka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi ganin mutane suna yaudarar kansu. In ka tambayi ɗan kasuwa ribarsa, shekarar da ta fi kyau zai tuna maka. Abin da nake sa abokan hulɗata su yi shi ne su ɗauki shekara uku da suka wuce, mai daɗi da marar daɗi. A kowace shekara a rubuta jarin da aka fara da shi, sannan ribar da ta rage bayan an fitar da kuɗin mota, 'yan dako, hayar sito, maganin ƙwari, buhunan da suka lalace, la'adar dillalai da harajin kasuwa. A kuma fitar da ladan wahalarka kai kanka, wato abin da za ka biya wani da zai tsaya maka a rumfa, domin wannan guminka ne ya kawo shi, ba kuɗin ba. Wanda ya fara da 2,000,000 ya rage da 400,000 bayan duk wannan, kashi 20 ya samu. Yawancin waɗanda suka zo mini da kashi 40 a baki, da mun gama zama sai su koma gida da abin da bai kai haka ba.

Sannan ka tambayi kanka ko ƙarin miliyan ɗayan za ta yi aiki kamar jarin da kake juyawa yanzu. Idan sitonka ya riga ya cika, ko masu sayenka ba za su ƙaru ba, sabon kuɗin zai iya zama rabin shekara yana kwance. Hatsi kuma ba kullum yake tashi ba. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko, kuma da yawa daga waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran tsada sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Wannan ka fi ni saninsa.

Idan kana son abin kwatance daga wajen kasuwar hatsi, dubi sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa da take sayar wa jama'a. Na farko da aka fitar a 2017 na naira biliyan 100 ne, na shekara bakwai, kuma ladan hayarsa kashi 16.47 ne a shekara. Adadin yana canjawa daga fitarwa zuwa fitarwa, amma amfaninsa a gare ka shi ne ya nuna abin da kuɗi za su iya kawowa kana zaune, ba rana ba ƙura, kuma wanda kake bi gwamnati ce. Bai kamata ka jira mutum ɗaya, wanda zai iya saɓa maka, a kan ƙasa da abin da irin wannan ke bayarwa a lokacin cinikinku ba. Kamata ya yi ka ɗora wani abu a kai saboda kasadar. Nawa za ka ɗora, wannan sanin mutumin ne zai faɗa maka, ba lissafi ba.

Wani kuskuren kuma shi ne haɗa ribar sana'a da hauhawar farashi a tara su wuri ɗaya, a ce kashi 20 da kashi 25 sun zama 45. Ba haka ba ne, domin ribar da kake ƙirgawa da naira ta riga ta ƙunshi tashin farashi a cikinta. Wani ɓangare na abin da ka kira riba tsadar da kayanka suka yi ne suna sito. Abin da za ka yi shi ne ka kwatanta su. Idan jarinka ya ƙaru da kashi 20 alhali kaya sun tashi da kashi 25, miliyan ɗayarka ta zama 1,200,000 amma buhunan da take saya bara yanzu 1,250,000 ne. Kuɗinka sun ƙaru, buhunanka sun ragu. Idan kuwa niyyarka ba juya kuɗin ba ce, gini za ka yi ko mota za ka saya, to ma'auninka shi ne yadda siminti ko motar ke tashi a shekara, domin da su kake tsere.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa. Duk lissafin nan ya ginu ne a kan cewa kuɗin za su shiga aiki. Idan ka san cewa ranar da miliyan ɗaya ta shigo gidanka, biki da suna da 'yan'uwa masu buƙata za su raba ta kafin wata uku, to ma'auninka ba kashi 20 ba ne, kuma mai riƙe maka kuɗi yana ba ka kaɗan-kaɗan wataƙila taimakonka yake yi. Masu adashin da ke roƙon a ba su kwasar ƙarshe sun san cewa ta farko ta fi amfani a lissafi, amma sun san halinsu.

Ba dole ne ka zaɓi ɗaya cikin biyun ba

Tunda ka san inda tayin na biyu ya gaza, kana iya gyara shi. Abu mafi sauƙi shi ne ka bar jimlar yadda take, 1,350,000, ka matso da ranakun. Ya ba ka 450,000 yau a matsayin kafin alƙalami, 450,000 baɗi, 450,000 shekarar da ke biye. A kashi 20 na yau suna nan 450,000, na biyu 375,000, na uku 312,500, jimla 1,137,500. Bai ƙara maka ko naira ɗaya ba, amma tayin ya tashi daga 947,917 zuwa 1,137,500, ya wuce na mai lakadan da nisa. Matso da kowane biya da shekara ɗaya kawai ya kawo wannan. Na sha ganin mai saye ya ƙi ƙara dubu hamsin a kan farashi amma ya yarda da sauya rana ba musu, saboda shi ma jimla kawai yake kallo.

Idan ya ce ba shi da abin bayarwa yau, to sai farashi ya tashi. Kafin biya uku na ƙarshen shekara su yi daidai da miliyan ɗaya ta yau a kashi 20, sai kowanne ya kai wajen 475,000, jimla 1,425,000. Wannan kuma kunnen doki ne kawai, ba a sa ladan kasada ba.

Ka kuma yi lissafin jinkiri tun yanzu, domin a abin da na gani, biyan ƙarshe shi ne ya fi makara. A lokacin mai saye ya riga ya saba da filin, zafin ciniki ya huce, kai ma kunya ta fara kama ka. Idan 450,000 na ƙarshe suka ƙara shekara ɗaya, darajarsu a yau za ta sauka daga 260,417 zuwa 217,014. Ka yi asarar fiye da 43,000 ba tare da an hana ka ko kwabo ba. Shi ya sa nake ba da shawarar takardun fili su zauna a hannunka ko hannun amintaccen da kuka yarda da shi har a gama biya, a rubuta ranaku da adadi, a sa shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka.

Batun halal da haram

Na san wannan zai zo maka a rai, domin duk inda na yi bayanin nan sai wani ya ce, Malam, wannan ba lissafin kuɗin ruwa ba ne? Lissafin awo ne kawai, kamar sikeli. Abin da aka ɗora a kansa shi ke da hukunci. Abin da jumhurun malamai suka tafi a kai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, shi ne ya halatta a sayar da kaya ajalan da farashin da ya fi na lakadan, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya da ajali sananne kafin a rabu. A kan wannan ne bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suke gudanar da cinikin murabaha. Abin da aka hana shi ne ka ranta wa mutum kuɗi ka sharɗanta ya dawo da fiye da su, ko kuma bayan farashi ya zama bashi a wuyansa ka ce tunda ya makara sai ya ƙara.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan cinikinka. Da zarar kun ƙulla a kan 1,350,000, shi ke nan, ko ya yi jinkiri, ko naira ta faɗi, ba ka da damar ƙara masa. Duk abin da kake son lokaci ya biya ka, sai ka sa shi cikin farashi ranar farko. Ni mai lissafi ne, don haka sharuɗɗan da za ku rubuta, musamman abin da zai faru in ya kasa cikawa, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba kafin ku sa hannu.

Inda lissafin yake tsayawa

Rabawa da ninkawa ba sa kuskure, amma ma'aunin da ka ba su hasashe ne. A farkon 2023 na yi wa wani tela irin wannan lissafi, zai sayar da manyan kekunan ɗinkinsa biyu bashin shekara biyu. Na sa masa kashi 20, har ina ganin na yi taka-tsantsan. Bayan 'yan watanni aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. An biya shi kuɗinsa cas a kan lokaci, mai sayen mutumin kirki ne, amma kekunan daga waje ake shigo da su, kuma abin da ya karɓa bai isa ya mayar da irinsu ba. Tun daga nan ba na ba kowa amsa da adadi ɗaya. Nakan yi lissafin sau uku, da ma'auni mai sauƙi, da matsakaici, da mai tsanani, sannan in duba ko mutum zai iya jure mafi munin.

A naka, mai sauƙin ya ce bashin ya fi da kimanin 119,000, matsakaicin ya ce lakadan ya fi da 52,000, mai tsananin ya ce lakadan ya fi da wajen 183,000, kuma duk ukun sun ɗauka cewa za a biya ka a kan rana. Da ni ne, a yadda tayin yake yanzu, miliyan ɗayan zan karɓa, musamman in za ta shigo kafin kaka. Amma kafin nan zan koma wajen mai saye na biyu in ce masa ya kawo 450,000 na farko yau, sauran biyun baɗi da shekarar da ke biye. In ya yarda, kuma mutum ne da ka san gidansa da sana'arsa, nasa ya fi.